Hatsari guda a motsi guda: yadda harshen kurame ke faɗin abubuwa da dama a lokaci ɗaya

Wanda ya saba kallon labaru a telebijin, ya kuma kula da mai fassara wa kurame da ke kusurwar allo, zai lura da wani abu. Mai karanta labari na can yana jero kalmomi: "wani kamyo ya taho a guje ta bayan wani babur da ke tsaye a bakin hanya, ya buge shi ya kayar". Shi kuwa mai fassara, da zarar ya ambaci kamyon da babur ɗin, sai ya ɗaga hannuwansa biyu, ya yi motsi guda, ya gama. Mutane da dama na ɗauka ya taƙaita zancen ne ya zubar da saura. Alhali bai zubar da komai ba. Wani lokaci ma abin da ya faɗa ya fi na mai magana da baki cika, domin hannunsa ya nuna ta wane ɓangare kamyon ya taho da kuma inda ya bugi babur ɗin.

Wannan hali na ɗora ma'anoni kan juna a lokaci guda ya daɗe yana ba masana harshe aiki. Ba kuma gardamar malaman jami'a ba ce kawai. Ta shafi yadda ake koyar da yaro kurma a lakkol, da yadda ake ɗaukar shaidar kurma a gaban jandarma ko alƙali.

Nahawun da aka gina a kan layi

Baki ɗaya gare mu, harshe ɗaya, kuma iska ta hanya guda take fita. Saboda haka sautukan magana na fitowa ne ɗaya bayan ɗaya, kamar raƙuman ayari. Masanin harshe Ferdinand de Saussure, a littafin darussansa da aka buga a 1916, ya ɗauki wannan jerantuwa a matsayin ɗaya daga cikin ginshiƙan harshe: magana layi ce, tana da farko da ƙarshe.

A kan wannan tunani aka gina yawancin nahawun da muka koya. Ɗauki kalmar "manomi". Akwai ɗafa-goshi "ma", sai saiwa "nom", sai ɗafa-ƙeya "i". Kowane yanki na da ma'anarsa, masana na kiransa ƙwayar ma'ana, kuma kowane na da mazauninsa a layi. Idan aka ce "manoma", ƙarshen ne ya sake, ana iya ɗora yatsa a kan wurin. Haka jimla take: "Audu ya bugi Garba" daban take da "Garba ya bugi Audu", kuma jeri ne kaɗai ya bambanta su. Mai nazari kan yanka magana gunduwa-gunduwa, ya ba kowace gunduwa suna, ya faɗi wadda ke gaba da wadda ke baya. Da aka zo kan harsunan kurame, sai wuƙar ta rasa inda za ta yanka.

Abin da alama guda ta ƙunsa

Har zuwa tsakiyar ƙarnin da ya wuce, masana da yawa ba su ɗauki maganar kurame a matsayin harshe ba. A 1960, William Stokoe, malami a kwalejin kurame ta Gallaudet da ke birnin Washington, ya nuna cewa kowace alama a harshen kurame na Amurka tana da sassa: siffar da hannu ya ɗauka, wurin da aka yi alamar, da motsin da hannu ya yi. Daga baya Robbin Battison ya ƙara na huɗu, wato inda tafin hannu ya fuskanta. Sake ɗaya daga cikinsu kan sake ma'ana, kamar yadda "gari" ke komawa "bari". Bambancin shi ne sassan nan huɗu tare suke fitowa. Ba a iya yin siffar hannu a ba ko'ina, ba a kuma iya motsi da hannun da ba shi da siffa.

Tunda haka ne, harshen kan sa kowane sashe ya ɗauki nasa kaya. A harshen na Amurka, alamar "mako" ita ce a miƙe manuni, a ja shi a kan tafin ɗaya hannun. In ana son a ce "mako biyu", ba sai an yi alama biyu ba: a miƙe yatsu biyu, a yi wannan jan. Motsi da wuri na cewa "mako", yatsu na cewa "biyu". Haka alamar "bayarwa": in ta tashi daga ƙirjina zuwa gare ka, na ba ka ke nan, in ta tashi daga wajenka zuwa ƙirjina, kai ka ba ni, in aka zagaya da ita ana ɗan tsayawa nan da can, an bi kowa an ba shi. Fuska ma na aiki a daidai wannan lokaci. Ɗaga gira na mai da zance tambayar da amsarta "i" ce ko "a'a". Ɗan fito da harshe tsakanin haƙora yayin da hannu ke yin aikatau na nufin an yi aikin da sakaci.

Akwai dalilin wannan tsari. Hannu ya fi harshe nauyi. Ursula Bellugi da Susan Fischer sun auna a 1972, suka tarar alama guda na cin kusan ninki biyu na lokacin da kalmar Ingilishi ke ci, amma labari iri ɗaya kusan lokaci ɗaya yake ɗauka a harsunan biyu. Abin da hannu ya rasa wajen sauri, ya rama shi ta ɗora ma'anoni kan juna. Ido kuma, ba kamar kunne ba, yana iya karɓar abubuwa da dama a kallo ɗaya.

Hannun da ke tsayawa a madadin abu

Inda wannan tsari ya fi ƙarfi shi ne abin da za mu kira hannu mai wakilci. Wata siffar hannu ce da ke tsayawa a madadin rukunin abubuwa gaba ɗaya, sai a motsa ta a sarari a nuna inda abin yake ko yadda ya tafi. Ted Supalla, wanda shi kansa kurma ne, haifaffen gidan kurame, ya yi cikakken nazarinsu a kundin digirinsa na 1982.

Ga kaɗan daga cikin na Amurka. Manuni a tsaye yana wakiltar mutum a tsaye. Yatsu biyu da aka juya suna kallon ƙasa ƙafafun mutum ne. Babban yatsa da manuni da na tsakiya a miƙe, hannu a karkace babban yatsa na sama, wannan abin hawa ne: mota, babur, keke, har jirgin ruwa. Jirgin sama kuwa da tasa siffar, babban yatsa da manuni da ƙaramin yatsa. Akwai wani rukunin da ba abin yake wakilta ba, yadda ake riƙe shi yake nunawa: yadda ake kama bik, ko kofi, ko sitiyari. Akwai kuma na uku mai zana girma da siffa, kamar kaurin bututu ko faɗin allo.

Kada a ɗauka kwaikwayo ne wanda kowa zai yi yadda ya ga dama. Siffar abin hawa ta Amurka ba ta yi kama da mota ba ko kaɗan, dole a koye ta. A harsunan kurame na Biritaniya da Jamus, shimfiɗaɗɗen hannu ne ke wakiltar mota. Kowane harshe da jerin siffofinsa, kamar yadda Bahaushe ke cewa "ƙwayar gero", "zangarniyar gero", "damin gero", bai kuma taɓa cewa "damin ruwa" ba. A harsunan baki ma akwai makamancin wannan: a harshen Navajo na Amurka, aikatau kan sake gwargwadon ko abin da ake ɗauka dunƙulalle ne, ko dogo, ko mai lanƙwasuwa kamar igiya.

Misalan harshen Amurka ba baƙi ba ne a yankinmu. Andrew Foster, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka, ya buɗe makarantar kurame a Ghana a 1957, daga nan ya kafa wasu a ƙasashen Afirka da dama, kuma alamomin da ake koyarwa a makarantun kurame na ƙasashe masu amfani da Faransanci a Afirka ta Yamma sun samo asali ne daga harshen na Amurka. Ban da wannan akwai maganar hannu ta ƙasar Hausa, wadda Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano ta wallafa littafi a 2000, harshe ne mai zaman kansa da nasa kalmomin.

A bi hatsarin daki-daki

A ɗauka wani kurma ya ga hatsarin da muka ambata, ana kuma tambayarsa a komisariya. Ga yadda bayaninsa zai kasance da harshen na Amurka.

Da farko zai yi alamar "babur". Wannan dole ne, domin siffar abin hawa ba ta bambanta babur da mota ba, kamar yadda "shi" ba ya gaya maka ko wane ne sai an riga an ambaci suna. Sai ya sa hannun hagu a siffar abin hawa, ya ajiye shi a gabansa ta gefe da ɗan gajeren motsi zuwa ƙasa, wanda ke nufin "yana nan". Kan yatsun shi ne gaban babur, wajen wuyan hannu shi ne bayansa. Hannun zai tsaya cak a nan, ba zai sauka ba.

Da hannun dama zai yi alamar kamyo gwargwadon yadda hannu ɗaya zai iya, ko ya riga ya ambace shi tun farko. Sai hannun daman ya ɗauki siffar abin hawa shi ma, ya fara daga kusa da kafaɗa, wato daga bayan babur ɗin. Yanzu motsin da ake magana ya zo. Hannun dama ya taho da sauri, yana karkata dama da hagu, kan yatsunsa suka daki gindin hannun hagu, hannun hagu ya kife a gefensa. Duk tsawon wannan tafiya harshen mai bayani na ɗan leƙowa tsakanin haƙoransa.

A duba abin da aka faɗa cikin abin da bai wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu ba. Abubuwan hawa biyu ne. Ɗaya a tsaye yake, ɗaya na tafiya. Duka sun fuskanci wuri ɗaya. Mai tafiyar daga baya ya taho, a guje, yana tangaɗi, tuƙin kuma na ganganci ne. Da gabansa ya bugi bayan na tsayen. Na tsayen ya faɗi, kuma an ga ɓangaren da ya faɗa.

Yanzu a sake abu guda. In hannun hagu ya juyo, kan yatsu suka haɗu da kan yatsu, karo ne gaba da gaba, tambayar da za ta taso ita ce wa ya bar hannunsa. In hannun hagu na motsi ya gitta gaban na dama, mai babur ne ya shiga gaban kamyo. In yatsun dama sun shafi gefen hannun hagu sun wuce, gogar sa aka yi. Siffar hannu ba ta sake ba a duk waɗannan, amma mai laifi ya sake. Mai fassarar da ya ce "kamyo ya buge babur" ya yi shiru, ya zubar da ainihin abin da ake nema a shaidar.

Akwai wani tarko kuma. Mai bayani na tsara wurin ne yadda idonsa ya gani, mai kallo kuwa yana fuskantarsa. Abin da ke hagun mai bayani yana daman mai kallo. Kurame sun saba juya hoton a ransu, amma sabon mai koyo kan manta, sai ya mai da gefen hanya na hagu ya zama na dama.

Bayanin na iya ƙara zurfi. Mai shaidar zai iya mai da jikinsa direban kamyon: hannu ɗaya ya kama sitiyari, ido a zazzare, yayin da ɗaya hannun ke nuna babur ɗin yana matsowa. Jiki na nuna abin daga cikin mota, hannu na nuna shi kamar daga nesa, duk a lokaci guda. Masanin Faransa Christian Cuxac, a littafinsa na 2000 kan harshen kurame na Faransa, ya ɗauki irin waɗannan tsare-tsare a matsayin zuciyar harshen, ba ado ba.

Inda nahawun layi ya cije

Matsala ta farko ita ce ta jeri. A "manomi" mun san abin da ke gaba. A motsin kamyon, wanne ne saiwa, wanne ne ɗafi? Supalla ya ce motsi ne saiwa, siffar hannu kuma ɗafi ce da aka ɗora masa. Wasu sun ga akasin haka. Amma ko wanne aka zaɓa, ba a iya cewa ɗafa-goshi ne ko ɗafa-ƙeya, tunda babu wanda ya riga wani fitowa.

Ta biyu ita ce: wannan abu kalma ce ko jimla? Kalmomin yau da kullum na harshen kurame suna da ƙa'ida, Battison ne ya fito da ita. In hannuwa biyu na motsi, siffarsu ɗaya ce kuma motsinsu ya dace da juna. In siffarsu ta bambanta, ɗaya zai tsaya ya zama madogara, kuma siffofi ƙalilan ne aka yarje masa. Hannu mai wakilci ba ya bin wannan. Dama na iya zama jirgin sama yana tafiya, hagu na zama mota tana tata tafiyar. Ke nan kowane hannu kamar aikatau ne mai zaman kansa, zance biyu na gudana tare. Bishiyar da malaman nahawu ke zanawa a allo, mai rassa da ke sauka kan kalmomi a jere, ba ta da wurin rataya wannan.

Ta uku ta fi wuya. Ƙwayoyin ma'ana ƙidayayyu ne, ana iya tara su a ƙamus. Amma a nesa nawa za a iya ajiye kamyo da babur? Taƙi ɗaya, rabin taƙi, ɗan yatsa, da duk abin da ke tsakani. Ta kusurwa nawa zai iya tahowa? Ba iyaka. Scott Liddell, a littafinsa na 2003, ya ce in aka dage sai an ba kowane wuri da kowace karkata sunan ƙwayar ma'ana, lissafin ba zai ƙare ba. A ganinsa, siffar hannu ta harshe ce, amma wuri da alkibla nuni ne irin na taswira. A shekarar nan Karen Emmorey da Melissa Herzig suka gwada wannan. An nuna wa mutane hannu yana ajiye ɗigo kusa da wata sanda, aka ce su manna alama a takarda inda suka fahimta. Kurame da masu ji waɗanda ba su san harshen ba duk sun bi wurin hannun sannu-sannu, ba tsalle. Siffar hannu kuwa, kurame rukuni-rukuni suke amfani da ita. Wato a cikin alama guda akwai rabon da ke aiki kamar kalma, da rabon da ke aiki kamar zane.

Bahaushe ba zai yi mamakin wannan sosai ba. In ya ce "garin da nisa" sannan ya ce "garin da niiisa", ya ja wasalin gwargwadon nisan, kuma ba ƙamus da zai faɗi iyakar jan. In ya ce "ya faɗa ruwa tsundum", sautin kansa zane ne. Bambancin shi ne a Hausa wannan na gefen nahawu, a harshen kurame kuwa yana tsakiyar aikatau.

Amsar da ta fito daga karin sauti

Wani ɓangare na mafita daga harsunan Afirka ya zo, har da Hausa. A faɗi waɗannan da baki: "ya tashi" da kuma umarni "tashi!". Baƙaƙe da wasula ɗaya ne. A na farko murya ta fara sama ta sauka, a na biyu ta fara ƙasa ta hau. To ina ƙwayar ma'anar umarni take, a gaba ko a baya? Ba ko ɗaya, a bisa kalmar take shimfiɗe. Haka "ya zo" na wanda ya riga ya iso, da "ya zo" na "ka ce masa ya zo": a rubutu ɗaya ne, a baki kuwa kari da tsawon wasali ne suka raba su.

William Leben, wanda ya daɗe yana nazarin Hausa, ya nuna a 1973 cewa karin sauti na da zaman kansa, ba a ɗaure yake da wasali guda ba. John Goldsmith ya faɗaɗa wannan a 1976: a daina rubuta magana a layi ɗaya, a yi mata hawa-hawa, baƙaƙe da wasula a hawa guda, kari a wani, a ja zare tsakaninsu. John McCarthy ya yi amfani da wannan dabara a Larabci, inda baƙaƙe uku na rubutu ke ba mu kitabi, katibi da maktubi, wasula na shiga tsakaninsu. A 1989 Wendy Sandler ta ɗauko dabarar ta kai wa harshen kurame: wurare da motsi na jere a hawa ɗaya, siffar hannu na shimfiɗe a bisansu a nata hawan, kamar yadda kari ke shimfiɗe a bisa "tashi".

Wannan ya warware matsalar jeri. Bai gama da ta hannuwa biyu masu zance biyu ba, bai kuma taɓa ta wurin da ba ya ƙirguwa ba. Har yanzu masana na ja-in-ja a kansu.

Jeri bai ɓace ba

Kuskure ne kuma a ce komai na harshen kurame a tare yake fitowa. A shaidar da muka bi, an ambaci suna kafin wakilinsa, an kuma kafa abin da ke tsaye kafin a kawo mai motsi. Supalla ya nuna cewa in ana son a ce mutum ya hau tudu yana ɗingishi, akan raba shi biyu: a fara nuna ɗingishin, sannan a nuna hanyar da manuni.

A Nikaraguwa, inda sabon harshe ya tsiro a bakin yaran da aka tara a makarantar kurame ta Managua tun daga 1977, Ann Senghas da abokan aikinta sun ba da rahoto a 2004. An nuna wa mutane hoton majigi na wata kyanwa da ta haɗiye ƙwallo tana gangarowa kan titi. Masu ji, in suna nuni da hannu, sukan haɗa mirginawa da gangarowa a motsi ɗaya. Yaran da suka tashi cikin harshen daga baya kuwa sun fi raba su: "mirgina", sannan "sauka". A ƙauyen Adamorobe na Ghana, mai yawan kurame da tsohon harshensa, Victoria Nyst ta tarar a nazarinta na 2007 cewa kusan ba a amfani da hannu mai wakiltar abu wajen nuna tafiya. Ana jero aikatau ne masu nuna alkibla, kamar yadda harshen Akan na maƙwabtansu masu ji ke yi. Saboda haka bai dace a ɗauka kowane harshen kurame da irin tsarin na Amurka yake aiki ba.

Inda ake yin ɓarna, da yadda ake ganewa

Wakilci na iya daskarewa ya zama kalma. Alamar "haɗuwa" ta Amurka manuni biyu ne a tsaye suna matsowa juna, asalinta mutum biyu. A matsayin kalma, ba ta cewa komai game da ta inda suka fito. Hanyar ganewa ita ce a duba ko sake wuri ko sauri na sake ma'ana, a kuma duba ido: mai wakilci na gaske sau da yawa yakan kalli hannuwansa. Mai fassara da bai bambance ba zai ƙara wa shaida abin da ba a faɗa ba, ko ya rage abin da aka faɗa.

A aji kuwa, ɓarnar ta fi tsanani. Mushe mai ji da ya koyi alamomi ɗaiɗai yakan jera su bisa tsarin jimlar Faransanci, kalma da alama, kalma da alama. Tunda alama ta fi kalma cin lokaci, ko dai darasin ya yi ta ja, ko ya riƙa tsallake wasu. Kuma a irin wannan jeri babu gurbin hannu mai wakilci. In yaro ya kawo labari da hannuwa biyu da fuska, sai a ce wasa yake, a gyara masa. Alhali binciken da aka yi kan yaran da suka tashi da harshen tun daga gida ya nuna ba sa ƙwarewa a wannan tsari sai wajen shekara 8 ko 9. Kurakuransu ma sanannu ne: su manta da kafa abin da ke tsaye, ko su saki hannun hagu tun labarin bai ƙare ba, ko su ɗauki siffar da ba ta rukunin ba. Waɗannan ne ya kamata malami ya sa wa ido, kuma babban kurma da ya iya harshen ya fi kowa ganinsu.

Rubutu ma haka. Wanda ya rubuta shaidar nan da "kamyo, babur, bugu" ya ce harshen ba shi da nahawu, ya yi kamar wanda ya rubuta "ya zo" ba alamar kari sannan ya ce Hausa ba ta bambanta labari da umarni. Shi ya sa masu bincike ke ɗaukar bidiyo su rubuta shi hawa-hawa: layin hannun dama, layin hannun hagu, layin gira, layin baki, layin ido. Inda maganar kurma za ta zama hujja, a asibiti ko a kotu, abin da ya fi shi ne a ɗauki hotonta ta gaba, hannuwa da fuska duka a ciki, mai fassara kuma ya faɗi wa ya taho ta ina, ya bugi ina, ko da zai ci jimla biyar kafin ya ƙare motsi guda.